Rahoton Gibin Kasafi: Inda Ma'aji Ke Faɗin Dalili

A taron ƙarshen zango na ƙungiyar iyaye da malamai, ba abin da ke tayar da jijiyar wuya kamar ma'aji ya miƙe ya ce kuɗi sun ƙare. Takarda guda ke kashe wannan rigima, wato rahoton da ke jera abin da aka ware da abin da aka kashe, ya kuma faɗi dalilin bambancinsu.

Tsarinsa ba wuya. Kowane abin kashe kuɗi yana da layinsa, da gurbi biyar a gabansa: kuɗin da aka ware, wanda aka kashe, bambancin a naira, bambancin cikin ɗari, sai bayani. Huɗun farko lissafi ne. Aikin yana a na biyar.

A ɗauki misalin makaranta mai motar ɗaukar ɗalibai. Ta yi kasafin lita 1,000 ta fetur a kan naira 200, wato naira 200,000. Sai aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta haura naira 500. A ce makarantar ta sayi lita 800 a kan naira 540, ta kashe 432,000. Gibin ya kama 232,000, kashi 116 cikin ɗari ke nan.

Wanda ya ga wannan adadi kaɗai zai ɗauka direba ya yi ɓarna. Amma idan aka raba gibin gida biyu, magana ta sauya. Ƙarin naira 340 a kan kowace lita, sau 800, ya jawo 272,000. Rage lita 200 da aka yi kuwa ya tsimi 40,000 a tsohon farashi. Ashe direban yabo ya cancanta, kasuwa ce ta yi ɓarnar. Abin da ya kamata a gani a gurbin bayani ke nan, tare da matakin da za a ɗauka, ko a rage zirga-zirga ko a ƙara kuɗin mota. Rubuta "hauhawar farashi" kawai ba bayani ba ne.

Rarar kuɗi ma abin tuhuma ce. Idan an ware 500,000 don gyaran rufi aka kashe 150,000, galibi ba tsimi aka yi ba: ko aikin ya tsaya, ko kafinta yana bin bashi. Dole rahoton ya faɗi wanne ne, domin kuɗin da aka jinkirta biya suna nan tafe.

Ba kowane layi ake yi wa dogon bayani ba. Wasu ma'aikatu kan sa iyaka, kamar kashi 10 cikin ɗari, duk abin da ya wuce ta sai an kawo dalili.

Gwamnati ma ba ta tsira ba. Dokar kula da kashe kuɗin gwamnati ta 2007 ta wajabta wa Ofishin Kasafi na Tarayyar Nijeriya fitar da rahoton aiwatar da kasafi duk wata uku, cikin kwana 30 da ƙarewarsu.