Yadda Injiniya Ke Hango Lilon Inji Tun Kafin A Haɗa Shi

Motar lantarki mai juya faifan eriya, idan rile ne ke sarrafa ta, ba ta tsayawa cak inda aka saita ta. Rile makunni ne da bai san tsaka-tsaki ba: ko ya tura wuta gaba ɗaya dama, ko gaba ɗaya hagu. Sai faifan ya zarce, ya dawo, ya sake zarcewa, ya dawwama cikin lilo iri ɗaya.

Yaya faɗin lilon zai kasance, kuma da wane sauri? Hanyar da injiniyoyi ke kira diskiraibin fankshin ita ke ba da amsa. Tushenta aikin Krylov da Bogoliubov ne a shekarun 1930, kuma a 1950 Ralph Kochenburger ya yi amfani da ita kan injuna masu rile a Amurka.

Dabarar ta birge ƙwarai. Wutar da ke fitowa daga rile tsalle take yi daga +M zuwa −M, amma mota mai nauyi ba ta iya bin tsallen, babbar igiya mai santsi da ke cikinsa kaɗai take ji. Tsayin igiyar 4M/π ne. Don haka idan faɗin lilon daga tsakiya zuwa gefe A ne, ana ɗaukar rile tamkar na'urar da ke ninka sigina da N(A) = 4M/(πA).

A ɗauki mota mai G(s) = 3/[s(s+1)(s+2)], inda bolt ke shiga, digiri ke fita, kuma M bolt 10 ne. Lilo yana ɗorewa ne inda N(A)G(jω) = −1, wato inda siginar ta zagayo da jinkirin rabin zagaye, ƙarfinta bai ragu ba bai ƙaru ba. A wannan motar hakan na faruwa a ω = √2, kusan daƙiƙa 4.4 kowane zagaye. A wurin girman G 0.5 ne, dole N ya zama 2, sai A ya fito digiri 6.4. Rage wutar zuwa bolt 5 zai raba faɗin biyu, amma daƙiƙa 4.4 na nan daram.

Ƙiyasi ne fa, kuma ingancinsa ya rataya ne kan yadda injin ke tace tsallen. A nan igiya ta gaba, mai saurin ninki uku, kan dawo da kusan kashi 2 cikin 100 na babbar, shi ya sa lissafin ke dacewa. Tankin ruwa mai jinkiri a bututu kuwa, wanda ruwansa ke hawa da sauka a miƙe, hanyar kan gaza ainihin faɗin lilonsa da kusan kashi 19.

Giɓin haƙoran giya ya fi wuya, domin jinkirin da yake jawowa yana sauyawa da faɗin lilon. A nan sai an zana layin −1/N(A) da na G(jω) a takarda ɗaya, a karanta faɗi da sauri tare a mahaɗarsu.