Gindin Sanyi: Iyakar da Ake Hange Amma Ba a Taka Ta

A watan Yuli na shekarar 1983, ma'aunin zafi a tashar bincike ta Vostok da ke nahiyar Antatika ya nuna digiri 89.2 ƙasa da sifili. Har yau ba a taɓa auna sanyin iska da ya kai wannan a doron ƙasa ba. Wanda sanyin hunturu ke hana shi wankan asuba zai ɗauka cewa daga nan sanyi ya ƙure. Sai dai masana kimiyya sun san akwai sauran tafiya, sun kuma san inda tafiyar ta tsaya: digiri 273.15 ƙasa da sifili a ma'aunin Salsiyas. Wannan shi ne cikakken sifili. Babu abin da zai fi shi sanyi, babu kuma wanda zai iya kai wa gare shi.

Kafin a gane dalili, sai an gyara wata fahimta. Mukan ce sanyi ya shigo ɗaki, kamar dai wani baƙo ne da ya yi sallama. A gaskiya zafi ne ya fita. Kowane abu, ruwa ne ko ƙarfe ko iska, an gina shi da ƙananan ƙwayoyi waɗanda ba sa zama wuri ɗaya. Ƙwayoyin iskar da ke cikin ɗakinka suna gudun kusan mita 500 a daƙiƙa guda, suna karo da juna da bango. Wannan kai-komo shi ne zafi. Idan ya ƙaru, sai mu ce abu ya yi zafi, idan ya ragu mu ce ya huce. To, abin da ake ragewa dole wata rana ya zo ƙarshe. Kana iya ta zuba hatsi a rumbu, amma ba ka iya ɗibar abin da ya wuce wanda ke ciki.

An gano inda gindin yake tun kafin a iya kusantarsa. Masu bincike a Faransa, irin su Jacques Charles da Gay-Lussac, sun lura cewa iska tana tsukewa daidai wa daida idan tana hucewa. A ce ka ɗaure iska lita 273 a cikin wata jaka mai laushi, a sanyin da ruwa ke daskarewa. Ka rage digiri ɗaya, za ta koma lita 272. Ka rage goma, ta koma 263. Idan aka bi lissafin har ƙasa, a digiri 273 ƙasa da sifili babu abin da zai rage a jakar. Iskar gaske ba ta kai wa can, domin takan zama ruwa a hanya, amma lissafin kowace irin iska wuri ɗaya yake nunawa. A 1848 William Thomson, wanda daga baya aka sani da Lord Kelvin, ya kawo shawarar a fara ƙirga zafi daga wannan wuri. Ma'aunin da ke ɗauke da sunansa ba shi da ƙasa da sifili. A kansa ruwa yana daskarewa a 273.15, ɗaki mai digiri 27 kuma yana kan 300.

Me ya hana a kai can? Mu fara da randa. Ruwan randa yana sanyi ne saboda yana tsattsafowa ta jikin yumɓu, ƙwayoyin da suka fi kuzari su tashi su bi iska, su bar marasa kuzari a baya. Da irin wannan dabara ake sanyaya ruwan iskar hiliyam, wadda Heike Kamerlingh Onnes ya fara mayarwa ruwa a birnin Leiden na ƙasar Holan a 1908. Wannan ruwa yana tafasa a kelbin 4.2. Idan aka sa famfo yana zuƙe tururin da ke tashi daga kansa, sai ya ƙara sanyi. Amma yana ƙara sanyi, masu kuzarin tashi suna ƙaranci, har a wajen kelbin 1 tururin ya kusa ɗaukewa. Famfo yana ta aiki, babu abin zuƙa. Sanyin da aka samu shi ne ya kashe hanyar samun ƙari.

Firiji ma yana da tasa iyakar, kuma ana iya lissafa ta. Zafi da kansa daga abu mai zafi yake gangarawa zuwa mai sanyi. Kafin a tura shi ta ɗaya ɓangaren, sai an biya da wutar lantarki. A ɗauki firijin da babu kamarsa, wanda ba ya asarar komai, a ajiye shi a ɗaki mai kelbin 300. Kuɗin fitar da mudu ɗaya na zafi shi ne tazarar da ke tsakanin ɗakin da cikin firijin, a raba da zafin cikin. A gidan ƙanƙara, mai kelbin 255, tazarar 45 ce, wato abin biya bai kai kashi ɗaya cikin biyar na mudu ba. A kelbin 4 sai an biya mudu 74. A kelbin 1, mudu 299. A kashi ɗaya cikin dubu na kelbin, kusan mudu 300,000. A sifili kuwa rabawar ba ta da amsa, domin babu adadin wutar da zai isa.

Masanin Jamus Walther Nernst ne ya mayar da wannan doka a farkon ƙarni na 20: babu wata hanya da za ta kai abu cikakken sifili a cikin matakai masu ƙirguwa. Kowane mataki na sanyayawa wani kaso yake ɗauka daga abin da ya rage, ba ya kwashewa duka. Idan dabararka tana raba zafi gida goma ta bar ɗaya, daga kelbin 1 za ka je 0.1, sannan 0.01, sannan 0.001. Ka shekara dubu kana yi, kullum da saura. Ga shi kuma duk abin da ke kewaye ya fi abin da kake sanyayawa zafi. Bangon tukunya da wayar da ke auna zafin duk suna ɗiga masa ɗumi, kamar mai kwarfar ruwa daga kwale-kwalen da ke yoyo.

Duk da haka an matsa kusa ƙwarai. Sararin samaniya mai nisa daga taurari yana kan kelbin 2.7, amma ɗakunan bincike sun daɗe da wuce shi. A 1995, a garin Boulder na Amurka, Eric Cornell da Carl Wieman sun rage gudun ƙwayoyin rubidiyam da hasken leza, sannan suka bar masu kuzarin suka tsere, dabarar randa ke nan, har suka kai kashi 170 cikin biliyan na kelbin ɗaya. A 2021 masu bincike a Bremen ta Jamus sun ba da rahoton kashi 38 cikin tiriliyan.

Akwai kuskure ɗaya da ya kamata a kauce masa. Ana yawan cewa a cikakken sifili komai yana tsayawa cik. Ba haka ba ne. Dokokin da ke mulkin ƙananan ƙwayoyi ba su yarda ƙwaya ta tsaya wuri guda babu ko motsi ba. Akwai ɗan karkarwa da ke saura, wanda ba ya cikin abin da ake iya cirewa. Cikakken sifili yana nufin an kwashe duk kuzarin da zai kwasu. Shaidar wannan tana cikin hiliyam ɗin nan na Onnes: komai sanyin da aka kai shi, karkarwar ƙwayoyinsa ba ta barinsa ya daskare. Yana nan a ruwansa, sai an danne shi da matsi kusan ninki 25 na iskar da muke shaƙa kafin ya zama ƙanƙara.