Cinikin 'Yan Gida: Abin da Rahoton Kamfani Ke Faɗa da Abin da Yake Haɗiyewa

A watan Disamba na 1999, shekara na dab da ƙarewa, kamfanin makamashi na Amurka mai suna Enron ya sayar wa bankin Merrill Lynch wani kaso a jiragen ruwa uku masu ɗauke da injinan lantarki, waɗanda aka tanada domin ba Legas wuta. Bankin ya zuba dala miliyan 7, Enron kuma ya rubuta ribar kusan dala miliyan 12 a lissafinsa na wannan shekarar. Bayan wata shida sai wani kamfani mai suna LJM2 ya saye kason bankin a kan dala miliyan 7 da rabi da ɗoriya. Masu gabatar da ƙara sun ce tun farko an yi wa bankin alkawari da baki cewa za a fitar da shi daga cinikin cikin wata shida, wato bashi ne aka sa wa rigar ciniki.

Wanda ke tafiyar da LJM2 shi ne Andrew Fastow, babban jami'in kuɗi na Enron ɗin kansa. Sunan ma daga gidansa ya fito: haruffan farko ne na sunan matarsa da 'ya'yansa biyu. Duk lokacin da Enron da LJM suka zauna ciniki, mutum ɗaya ne ke da ruwa da tsaki a ɓangarorin biyu.

Irin wannan ne akantoci ke kira ciniki tsakanin kamfani da makusantansa, mu ce cinikin 'yan gida. Ba laifi ba ne a kan kansa. Kamfanin siminti na iya ba ɗan'uwansa kamfanin sufuri aikin jigila, mai kamfani na iya ba kamfaninsa hayar sito. Matsalar ita ce idan baƙo da baƙo suna ciniki, jayayyarsu ce ke tsayar da farashi, wannan ya taya, wancan ya ce albarka, har a haɗu a tsakiya. Idan kuwa mai saye da mai sayarwa tuwonsu ɗaya miyarsu ɗaya, babu mai cewa albarka. Farashin da aka rubuta ba ya gaya wa mai hannun jari komai game da darajar kayan. Shi ya sa ƙa'idar lissafi ta duniya mai lamba IAS 24, wadda kamfanonin da ke kasuwar hannun jari ta Najeriya suka koma bi tun 2012, ba ta hana cinikin ba, amma ta wajabta a bayyana shi.

Kafin a bayyana kuwa sai an gano shi, kuma nan ne aikin yake. A ƙa'idar, ɗan gida shi ne wanda ke juya kamfanin ko yake da faɗa a ji a cikinsa, da daraktoci da manyan manajoji, da iyalansu na kusa, da duk wani kamfanin da ɗaya daga cikin waɗannan ke juyawa, haɗi da uwar kamfani da rassanta. Wajen iyali, ƙa'idar ta ambaci mata ko miji, da 'ya'ya, da agola, da wanda ake ɗauke da nauyinsa. Wanda ya san gidajenmu zai ga jerin ya yi gajere. Ina ƙane, ina suruki, ina yaron Alhaji da ya taso a gidan tun yana ɗan shekara goma, wanda ko asusun bankinsa ba ya taɓawa sai an ce ya taɓa? Gaskiya ƙa'idar ba ta rufe ƙofa ba, domin ma'auninta shi ne duk dangin da ake tsammanin zai yi tasiri a kan mutumin ko mutumin ya yi tasiri a kansa wajen hulɗa da kamfanin, kuma ta ce a dubi ainihin alaƙar, kada a tsaya ga abin da takarda ta nuna. Amma odita mai lalaci jerin nan kawai zai riƙe ya wuce.

Akwai kuma wani abin da ya fi wannan ɗaure kai. Odita yana fara aikinsa ne da neman jerin 'yan gida daga hannun shugabannin kamfani. Wanda ke da abin ɓoyewa shi ne ake tambaya ya rubuto sunayen. Don haka ƙa'idar binciken lissafi mai lamba ISA 550 ta ce odita ya zauna da ido biyu a duk takardar da ya taɓa, kada ya dogara da jerin kaɗai.

Mu ƙaddara wata masana'antar casar shinkafa a Kano mai masu hannun jari da dama. Daraktoci sun cike takarda sun ce ba su da alaƙa da kowane mai kawo kaya. Odita ya jera masu kawo shinkafar da ba a casa ba, daga babba zuwa ƙarami, sai ya ga wani kamfani da bara ba ya cikin littafi, bana kuma shi ne na biyu: buhu 20,000 a kan naira 60,000 kowanne, jimla naira biliyan 1 da miliyan 200. Sauran dillalai a watannin nan naira 52,000 suka sayar. Bambancin naira 8,000 a buhu 20,000 ya kama naira miliyan 160, kuɗin da da riba ce ta masu hannun jari.

Tsada kaɗai ba hujja ba ce; wataƙila shinkafarsa ta fi bushewa, wataƙila shi ke biyan kuɗin mota. Sai odita ya ci gaba. Ya ga an ba wannan kamfani kafin alƙalami na naira miliyan 300 ba ruwa ba jingina, alhali sauran sai sun sauke kaya da wata guda ake biyansu. Ya duba rajistar Hukumar Rajistar Kamfanoni, CAC, inda dokar kamfanoni ta 2020 ta wajabta a bayyana duk mai riƙe da kashi 5 cikin 100 ko fiye, sai ya ga an yi wa kamfanin rajista wata biyu kafin a fara ba shi oda. Sunayen masu shi baƙi ne. Amma adireshin da ke kan takardar neman biya, gidan da manajan darakta ya rubuta ne a fayil ɗinsa na ma'aikata, lambar wayar da ke ƙasa kuma ta ƙanen matarsa ce. A bayanan zaman daraktoci babu inda aka kawo maganar kwangilar, balle a ce manajan ya fita daga ɗaki lokacin da ake yanke shawara. Haka ake kama cinikin 'yan gida, da wuya a ga sunan a rubuce. Sharaɗin da baƙo ba zai samu ba shi ke fara tona asiri, ƙananan abubuwa irin su adireshi da mai sa hannu a banki su ƙarasa.

Yanzu a ce an gano, kamfanin kuma ya yarda zai bayyana. Sai ya rubuta a bayanan da ke bayan rahoton shekara: an sayi kaya na naira biliyan 1.2 daga wani makusanci, bisa sharuɗɗan kasuwanci na yau da kullum. An cika?

Ba a cika ba. IAS 24 na son a faɗi irin alaƙar, da adadin cinikin, da abin da ya rage ba a biya ba a ƙarshen shekara tare da sharuɗɗansa, ko akwai jingina ko lamuni, da abin da aka ware saboda shakkar bashin ba zai dawo ba. Layin nan ya haɗiye kafin alƙalamin miliyan 300 gaba ɗaya, bai kuma ce makusancin surukin manajan darakta ne ba. Mafi muni shi ne wutsiyar jimlar. Ƙa'idar ta ce ba a cewa an yi ciniki kamar yadda za a yi da baƙo sai in ana iya kawo hujja, ga shi kuma hujjar da ke cikin littafin kamfanin naira 52,000 take cewa.

A nan darasin Enron ya fi amfani, domin mutane da yawa sun ɗauka kamfanin ɓoye LJM ya yi. Bai ɓoye ba. A rahotonsa na shekarar 2000 akwai sashe guda a kan cinikin makusanta, cike da alƙaluma na ɗaruruwan miliyoyin dala. Sashen ya ce wani babban jami'in Enron ne ke jagorantar ɗaya ɓangaren, bai kama suna ba, ko da yake wata takardar da ake aika wa masu hannun jari ta ambaci Fastow. Ya ce shugabanni na ganin sharuɗɗan sun yi daidai da abin da za a samu wajen baƙo. Abin da babu takardar da ta faɗa shi ne nawa Fastow ke samu. Kwamitin da daraktoci suka kafa, wanda William Powers ya jagoranta, ya bayyana a rahotonsa na Fabrairu 2002 cewa ya samu aƙalla dala miliyan 30, kuma ya yi hukunci cewa bayanan da aka wallafa a murɗe suke, ba su isar da ainihin abin da ke faruwa ba. Kafin lokacin Enron ya riga ya durƙushe, tun 2 ga Disamba 2001, kamfanin oditansa Arthur Andersen kuma bai daɗe ba ya bi bayansa. Dokar lissafin Amurka ce ke aiki a kansu, ba IAS 24 ba, amma ciwon iri ɗaya ne: kusan kowace jimla ana iya kare ta ita kaɗai, in an haɗa su kuma mai karatu ya tashi bai san wa ya ci riba ba.

A ganina ma'aunin da ya fi kowane jerin sharuɗɗa kaifi shi ne wannan: a ba ɗan kasuwar Kwari mai hannun jari sashen ya karanta, sannan a tambaye shi da wa aka yi cinikin, me ya haɗa shi da kamfanin, nawa ne, nawa ya rage, kuma da baƙo ne za a yi masa haka? In ya kasa amsawa, bayanin bai isa ba, ko da shafi uku ya ci. Abin da za a lura da shi musamman shi ne dunƙulewa. Ƙa'ida ta yarda a haɗa ƙananan ciniki iri ɗaya wuri guda, amma ba ta yarda a cusa babbar kwangila ɗaya cikin jimlar da aka yi wa take da sauran makusanta ba, in sai an ware ta za a fahimci tasirinta. Kuma girman kuɗi ba shi kaɗai ne ma'auni ba: rancen naira miliyan 20 ga darakta ƙarami ne a kamfanin biliyoyi, amma mai hannun jari zai so ya ji.

Idan kamfanin shinkafar nan ya ƙi gyara bayaninsa, odita ba shi da ikon soke kwangilar, ba shi da ikon dawo da miliyan 160. Abin da ke hannunsa shi ne ya kai maganar gaban kwamitin daraktoci mai kula da binciken lissafi, ya nemi shugabanni su sa hannu a rubuce cewa sun faɗa masa duk 'yan gidan da suka sani, sannan in sun tsaya a kan bakansu, ya rubuta togaciya a rahotonsa ya faɗi abin da aka bari. Wannan rahoton na odita a gaban alƙaluman yake, sashen makusanta kuma yawanci yana can kusa da ƙarshen littafin, bayan bayanan haraji da na basussuka.