Mun ɗaga masallaci daga ruwa, wa muka bari a ƙasa?

Duk wanda ya ga ambaliyar 2018 da ta 2020 da ta 2022 a Haɗeja da Auyo da Kafin Hausa da Guri ya san dalilin da ya sa magini a wannan yanki yake ɗaga harsashin gini. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, ciyawar kacala ta toshe hanyoyin kogi, ruwa kuwa in ya zo sai ya kwana. Ɗaga daɓen masallaci ko coci hikima ce. Sai dai kowace matakala da aka ƙara don gudun ruwa, katanga ce ga gurgu da makaho da tsohon da gwiwa ta ci.

Matsalar ba sabuwa ba ce. Bukhari da Muslim sun kawo labarin Itbanu ɗan Malik, sahabin da ganinsa ya raunana, kwari kuma yakan cika da ruwa tsakaninsa da masallacin mutanensa. Annabi (SAW) da kansa ya taka har gidansa, ya yi salla a wurin da zai riƙa sallata. Mu kuwa matakalar da hannunmu muka gina ta, gyaranta ma a hannunmu yake.

Mu ɗauki masallacin da aka ɗaga da santimita 90, wato matakala shida. Ƙa'idar da masu zanen gini suke bi ita ce kowane santimita ɗaya na tudu ya samu santimita 12 na gangare. Ke nan ana buƙatar gangare mai tsawon mita 10 da santimita 80. Abin da aka fi yi shi ne a zuba siminti na mita biyu ko uku a gefen matakala a ce an gama. Irin wannan ko da mai turawa haɗari ne: a hawa keke ya kife ta baya, a sauka ya ƙwace. Gwajinsa mai sauƙi ne. In mai keke bai iya hawa shi kaɗai ba, aikin bai yi ba.

In fili ya yi kaɗan, sai a jingina gangaren da bango a raba shi biyu, a bar wurin hutawa a tsakiya. Littattafan gini sukan ce mita ɗaya da rabi, amma an auna wannan ne da keken asibiti. Keken guragu mai ƙafa uku da ake tuƙawa da hannu, wanda waɗanda shan-inna ta taɓa suka fi hawa a garuruwanmu, ya fi tsawo, don haka a ba shi mita biyu ya samu juyawa. A sa ƙarfen dafawa, a bar simintin da kaushi, a kuma rufe lambatun bakin ƙofa, domin gangaren da kwata ta tare gabansa ado ne kawai.

Wurin alwala ya fi damuna. Wanda yake rarrafe da hannu, ruwan da wasu suka zubar shi yake bi, ya isa sahu da jiƙaƙƙen wando, wani kuma ya harare shi. Gyaran ba ya cin kuɗi. A ware famfo ɗaya a ƙarshen layi, kusa da ƙofa, ba dakali a gabansa, daɓensa ya karkata zuwa magudana, a sa masa guntun tiyo domin mai keke ya wanke ƙafa ba tare da ya sauko ba. A guji tayil mai santsi. Takalma kuma a yi musu kanta, don tulinsu a bakin ƙofa shi yake kayar da makaho.

Masu hana keke shiga saboda tayar ta taka ƙasa, su tuna malaman Malikiyya sun yi rangwame a kan taɓon ruwan sama na hanya. Tsumma da buta a ƙofa sun isa. A bar wa mai keken gurbi a gefen sahu, cikin jama'a, kada a ajiye shi a waje cikin rana. Coci ma haka: a rage benci ɗaya a tsakiya, a kuma duba matakalar bagadi, domin nan ake karatu da waƙa.

Kurma kuwa, lasifika goma ba ta ƙara masa komai. Yana buƙatar mai fassara huɗuba ko wa'azi da maganar hannu, a tsaye inda haske yake faɗa wa fuskarsa, limami ko fasto kuma ya ba shi kan maganar tun kafin ranar.

Dokar hana wariya ga masu buƙata ta musamman da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara, wa'adin kuma ya cika a Janairun 2024. Kwamitocin masallatai da coci-coci na masarautar Haɗeja, kafin ku sayi buhun siminti na gaba, ku kira gurgu da makaho da kurma na unguwarku, su shiga da kansu daga bakin titi har sahu, ku rubuta duk inda suka tsaya.