Me ya sa bakin Bahaushe ya zaɓi "sito"?

Duk ɗan kasuwar da ke unguwar Magajiya a Suleja, idan kaya suka iso masa, cewa zai yi wa yaron shagonsa ya kai su sito. Kalmar daga Ingilishi aka aro ta, kuma a can gaɓa ɗaya ce tak, wadda kunne ke ji kamar "sto". Mu kuwa mun tsaga ta biyu, mun saƙala wasalin "i" tsakanin "s" da "t". Haka muka yi wa direba da gilashi da sitiyari. Wasu 'yan boko, musamman masu sammakon tafiya aiki Abuja, suna ɗaukar wannan a matsayin kasawar harshe. Ni ban yarda ba. Akwai tsari a ciki, tsarin kuma ana iya zana shi a takarda a gwada.

Hanyar gwajin da nake nufi ta fito ne a 1993, lokacin da Alan Prince na Jami'ar Rutgers da Paul Smolensky na Jami'ar Colorado suka fitar da aikinsu mai suna Optimality Theory, wato ra'in zaɓen mafi dacewa. Kafin su, masana tsarin sauti sun fi bin tafarkin Chomsky da Halle na 1968, inda ake jera dokoki, wannan ta yi aiki ta miƙa wa ta gaba, har kalma ta fito. Prince da Smolensky suka juya lamarin. Suka ce a tara duk siffofin da kalma za ta iya ɗauka, a tsayar da su takara, sannan a auna su da sharuɗɗa. Sharuɗɗan nan suna karo da juna, babu ɗan takarar da zai cika su duka, don haka kowane harshe yana jera su daga babba zuwa ƙarami.

Sharuɗɗa uku sun ishe mu a maganar sito. Na farko ana rubuta shi *COMPLEX, yana cewa kada baƙi biyu su haɗu a farkon gaɓa. Wannan ya dace da Hausa, domin gaɓarta iri uku ce kawai: baƙi da wasali kamar "ci", baƙi da dogon wasali ko tagwai kamar "kai", sai baƙi da wasali da baƙi kamar "nan". Sauran biyun John McCarthy da Prince ne suka tsara su a 1995, aikinsu kuwa kare asalin kalma. MAX yana hana a shafe sautin da ke cikin asali, DEP yana hana a ƙaro wanda babu.

Yanzu sai 'yan takara. "Sto" ta riƙe amanar asali, ba ragi ba ƙari, amma ta tara baƙi biyu a gaba. "To" ta rabu da cunkoson ta hanyar jefar da "s". "Sito" ta ƙaro wasali. Akwai kuma "isto", wadda ita ce hanyar Sifaniyanci, inda ake sa wasali kafin "s". Ga yadda ake zana alƙalancin, tauraro yana nuna saɓa sharaɗi, alamar motsin rai kuma tana nuna inda ɗan takara ya faɗi:

```
/sto/    *COMPLEX   MAX   DEP
sto         *!
to                   *!
'isto                      **!
☞ sito                     *
```

Ana karantawa daga hagu zuwa dama. Sharaɗi na farko ya kori "sto", na biyu ya kori "to", aka bar biyu a gaban DEP. A nan ne ake buƙatar sanin Hausa da kyau. Kalmar Hausa ba ta farawa da wasali tsirara. Ko "iska" da "ido", akwai hamza a gabansu da ake furtawa ba a rubutawa. Saboda haka mai cewa "isto" sauti biyu ya ƙaro, hamza da wasali, ya ɗauki taurari biyu, mai cewa "sito" kuwa ɗaya ya ƙaro. Sito ta ci, ba don ba ta da laifi ba, sai don laifinta ya faɗa kan sharaɗi mafi ƙanƙanta, kuma sau ɗaya.

Abin lura shi ne ba a tara taurari a yi jimla. Da wani ɗan takara zai saɓa wa DEP sau biyar, har yanzu yana gaban wanda ya saɓa wa *COMPLEX sau ɗaya, kamar yadda hukuncin ƙananan kotuna goma ba ya soke na kotun ƙoli. Idan kuma aka sauya jerin, harshe ya sauya. A saukar da *COMPLEX ƙarƙashin sauran biyun, "sto" ta yi nasara, Ingilishi ke nan. A ɗaga DEP sama da MAX, "to" ta fito, irin abin da ake ji a bakin ƙananan yaran Turawa masu koyon magana. Da'awar ra'in ita ce sharuɗɗan na kowa ne, jerin ne na kowane harshe.

To ta yaya mai nazari zai gane jerinsa da gyara? Sai ya kai shi ga wata kalma ya ga ko zai zaɓo abin da mutane ke faɗi. Mu ɗauki "mai" mu liƙa mata "n" ta mallaka. Hausa ba ta yarda baƙi ya rufe gaɓar da ke da tagwan wasali ba, don haka "main" ta faɗi tun a matakin farko. Jerinmu ya ce ƙari ya fi shafewa sauƙi, ke nan sai ya ba mu wani abu kamar "mayin". Amma ba mai tallar da ke cewa mayin gyaɗa. Man gyaɗa ake cewa, kamar yadda "kai" ke ba da "kansa", "rai" ke ba da "ransa", "kyau" ke ba da "kyansa". A nan shafewa ce ta yi nasara, jerinmu ya zaɓi wanda bai ci ba.

Maganin shi ne a raba MAX gida biyu, na baƙi da na wasali, a sa DEP a tsakani: MAX-C >> DEP >> MAX-V. Abin da "to" ta jefar baƙi ne, laifi babba, shi ya sa aka gwammace ƙarin wasali. Abin da "man" ta jefar kuwa rabin tagwan wasali ne, laifin da bai kai na ƙari ba. Jeri ɗaya ya ɗauki kalmar aro da kalmar gida, kuma wannan a ganina shi ne ainihin ƙarfin ra'in, domin ya nuna saƙalawa da shafewa duk hidima ɗaya suke yi wa gaɓar Hausa.

Sai dai ra'in yana da iyaka, kuma bai kamata a ɓoye wa ɗalibi ba. Teburinmu ya ce a ƙaro wasali, bai ce wanne ba. Sito da direba sun ɗauki "i", burodi kuwa ta ɗauki "u", domin leɓɓa sun riga sun haɗu wajen furta "b". Wannan yana bukatar ƙarin sharaɗi, kuma masu suka sun daɗe suna cewa idan kowace matsala sabon sharaɗi za a ƙera mata, ra'in ba zai taɓa faɗuwa gwaji ba. Akwai kuma tambayar asalin da muka rubuta a saman tebur. Mun ɗauka "sto" ce ta shiga kunnen Bahaushen farko da ya ari kalmar, alhali yana yiwuwa daga bakin wani akawu ko ɗan kasuwa da ya riga ya lanƙwasa ta ya ji ta. Idan haka ne, wani ɓangare na aikin da muka jingina wa DEP an gama shi tun kafin kalmar ta shigo Hausa.