Alama uku sun ishi sanarwar admin

Guruf ɗin WhatsApp guda yana iya ɗaukar mutum 1,024. A guruf na unguwa, ko na tsofaffin ɗalibai, ko na 'yan kasuwa, saƙonni kan yi ta kwarara daga asuba har dare, kuma cikin wannan tururuwa ce admin zai saka dokokinsa. Mai zazzaga waya da babban yatsa ba ya tsayawa kan dogon rubutu, amma jan da'ira ko alamar gargaɗi mai ruwan ɗorawa takan tsayar da shi. Abin da ake nema ga imoji a sanarwa ke nan, ya ja ido zuwa layin da ake so a karanta.

Inda admin da yawa ke kuskure shi ne yawa. Sai ka ga doka goma sha biyar, kowace da wuta da tauraro da fure a gabanta. Idan kowane layi yana ihu, ido ba zai gane wanne ne mai tsanani ba. A ganina alama uku sun wadatar, muddin kowace na da ma'ana ɗaya da ba ta canzawa: ✅ ga abin da aka yarda, 🚫 ga abin da aka hana, ⚠️ ga hukunci.

A ce guruf ne na mazauna unguwa, an buɗe shi don tsaro da wuta da ruwa, amma talla da jita-jita sun cika shi. Admin zai iya rubuta haka:

```
*DOKOKIN GURUF*
✅ Sanarwar tsaro, wuta, ruwa, rasuwa da suna
✅ Tallar kaya: ranar Asabar kawai
🚫 Zagi da habaici
🚫 Hoton gawa ko na haɗari
🚫 Labarin da ba ka san tushensa ba
⚠️ Na farko: a goge saƙo, a yi maka magana a keɓe
⚠️ Na biyu: gargaɗi a guruf
⚠️ Na uku: cirewa
```

Taurari biyu da ke rungume da kanun su ne ke sa WhatsApp ya kaurara rubutun. Duba kuma cewa kowace alama na tare da kalmomi. Wannan wajibi ne, domin imoji ba ya fitowa iri ɗaya a kowace waya. Apple da Samsung da Google kowanne da zanensa, kuma tsohuwar waya takan nuna akwatin da babu komai a ciki idan alamar sabuwa ce. Haka nan 🙏 wani addu'a yake gani, wani godiya, wani roƙo, don haka ba ta da gurbi a cikin doka. Makaho kuwa, manhajar da ke karanta masa allo takan faɗi sunan kowane imoji ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya jera wuta goma ya sa shi sauraron suna ɗaya sau goma kafin ya kai ga maganar.

Layukan hukunci su ne zuciyar sanarwar. Alamar ⚠️ tana da nauyi ne kawai idan an ga aikinta. Ranar da wani dattijo mai faɗa a ji ya turo hoton haɗari, admin ya yi shiru don kunya, washegari kuma ya cire wani matashi kan laifi iri ɗaya, daga ranar alamar ta zama ado. Shi ya sa matakin farko ya zama magana a keɓe. Admin zai iya cewa, "Baba, a yi haƙuri, na goge hoton nan saboda iyalan mamacin suna cikinmu." Doka ta yi aiki, mutuncin dattijo bai zube ba. WhatsApp ya ba admin ikon goge saƙon kowa tun 2022, amma cikin kamar kwana biyu da turo shi, don haka jinkiri na iya rufe ƙofar. Game da jita-jita kuwa, saƙon da ke ɗauke da kibiya biyu da rubutun "Forwarded many times" ya riga ya bi hannaye da yawa, kuma ya cancanci a tambayi wanda ya turo shi inda ya samo.

Sai batun inda sanarwar za ta zauna. Tun Disamban 2023 ana iya maƙale saƙo a saman hira na awa 24, kwana 7 ko kwana 30; bayan nan sai ya sauka, dole a sake maƙalewa. Wurin da ya fi ɗorewa shi ne bayanin guruf, wanda sabon shiga ke iya buɗewa ya karanta. Kafin a saki dokokin, yana da kyau admin ya rufe guruf na ɗan lokaci ta yadda admin kaɗai ke iya turo saƙo, don kada gaishe-gaishe su binne su. Kuma tunda a irin wannan guruf ba a rasa waɗanda ba sa karanta boko, sai ya bi da saƙon murya na minti ɗaya, ya karanta dokokin, ya faɗi abin da kore da ja da ruwan ɗorawa suke nufi.