Sanarwar Buɗe Sabon Reshe: A Rubuta Ta Yadda Mai Adaidaita Zai Gane

Wani ɗan kasuwa da ke sayar da atamfa a Kantin Kwari ya kama shago na biyu a Titin Gidan Zoo, a Kano. Ya ɗora hoton shagon a WhatsApp, a ƙasa ya rubuta: "Alhamdulillahi, za mu buɗe sabon reshe ranar Asabar mai zuwa. Akwai garaɓasa!" Addu'a ta yi ta zuwa, sai dai duk wanda ya ce "Allah ya sanya alheri" sai ya biyo da tambayar ina ne wurin.

Titin Gidan Zoo dogo ne, kuma a garinmu ba da lamba ake neman gida ba, da kwatance ake nema. Don haka gwajin adireshi guda ɗaya ne: in mace ta karanta wa mai adaidaita sahu, zai kai ta ƙofar shagon ba tare da ya tsaya tambaya ba? A sa lambar shago in akwai, amma a haɗa da abin da ba ya motsi, kamar masallaci ko gidan mai. "Kusa da mai shayi" ba kwatance ba ne, mai shayi yana iya tashi gobe. In bene ne, a faɗi sama ko ƙasa.

Sai batun rana. Abin da aka ɗora a status awa 24 yake yi ya ɓace, amma wanda aka tura wa 'yan uwa yakan yi makonni yana yawo. Wadda ta gani bayan kwana goma, wace Asabar ce mai zuwa a wurinta? A rubuta rana da kwanan wata da ƙarfe nawa.

Garaɓasa kuma a yi mata iyaka. A ce ribar turmi ɗaya naira 2,500 ce, aka rage 1,000: in an sayar da turmi 60, an sadaukar da 60,000, kuma har yanzu akwai riba. Wanda ya rubuta "akwai garaɓasa" kawai, kowa da lissafin da zai zo da shi, wasu ma rabin kuɗi suke tsammani, daga nan sai gardama a bakin kanta.

Ga yadda ya gyara:

"Sabon reshenmu zai buɗe ranar Asabar, 7 ga Fabrairu, ƙarfe 10 na safe. Titin Gidan Zoo, shago mai lamba 4 a ƙasan bene, daura da ƙofar shiga Gidan Zoo. Rangwamen naira 1,000 a kowane turmi, Asabar zuwa Litinin kaɗai. Shagonmu na Kwari yana nan yadda yake."

Layin ƙarshe ya ƙara shi ne bayan wata tsohuwar kwastoma ta kira tana tambaya ko sun tashi daga kasuwa.